Sayen Tsohuwar Mota: A Wurin Dila ko a Hannun Mai Ita?

Wanda ya tashi sayen motar da aka taɓa hawa a Kano, Kaduna ko Abuja, hanyoyi biyu ne a gabansa. Ko dai ya nufi filin dila inda aka jera motoci, ko kuwa ya nemi mutumin da ke son rabuwa da motar da yake hawa, su yi ciniki kai tsaye. Abin da aka saba ji shi ne, wurin dila akwai tsada amma akwai kwanciyar hankali, hannun mai mota kuma akwai sauƙi amma akwai kasada. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai a kasuwar motoci ta Najeriya ba ta cika tsayawa haka ba, domin ba duk wanda ke zaune a filin sayar da motoci ne ya mallaki abin da yake sayarwa ba, kuma ba duk wanda ya ce motarsa ce ta hawa ne ya taɓa hawanta ba.

Masu sayarwar sun kai iri uku. Akwai dilan da ya sa kuɗinsa ya sayo mota, ko ya shigo da ita daga waje ta tashar jiragen ruwa ta Legas, ko ya saya a hannun wani a nan gida, yana da fili da suna da rasit mai ɗauke da adireshinsa. Akwai mai mota, wanda sunansa ke kan takardu. A tsakaninsu kuma akwai dillali, wanda bai mallaki komai ba sai lambobin waya da sanin inda motoci suke, la'ada yake ci. Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne yawancin filaye suna karɓar motocin ajiya: mai mota ya kawo tasa ya ce a sayar masa, dila ya ɗora ribarsa a kai. Mai saye yana ganin motar a fili, cikin jerin sauran, ya biya farashin dila, amma ranar da matsala ta taso sai a ce masa ai motar ta wani Alhaji ce, su sayarwa kawai suka yi. Saboda haka tambayar farko, kafin a buɗe bonet, ita ce: wane ne zai rubuta rasit, kuma da sunan wa? Amsar wannan tambaya ce ke nuna ko ciniki da dila ake yi ko da mai mota, ba wurin da motar take tsaye ba.

Abin da ke cikin farashi

Farashin dila ya fi tsada saboda dalilai da ake iya lissafawa. Yana biyan hayar fili da masu gadi da yaran da ke wanke motoci kullum. Kuɗinsa yana kwance a cikin motar wata da watanni, alhali darajar naira tana sauyawa, kuma in zai sayo wata daga waje da farashin dala na ranar zai saya. Sannan kafin ya fitar da mota yakan yi mata kwalliya: fenti inda ya goge, wankin inji, gyaran kujeru, cika iskar na'urar sanyi. Wannan kwalliyar mai saye ne ke biyanta, ko da kuwa ba ta ƙara wa injin lafiya ko kaɗan ba.

Mai mota ba shi da waɗannan ɗawainiyoyi, kuma sau da yawa buƙata ce ta taso masa, kuɗin makaranta ko biki ko cikon kujerar Makka, don haka yakan sallama da wuri. Amma sauƙin nasa yana da iyaka. Idan dillali ne ya haɗa cinikin, akwai la'ada, kuma wani lokaci dillalan sun kai uku a jere, kowa ya ɗora nasa kafin farashi ya iso kunnen mai saye. Akwai kuma gyare-gyaren da mai motar ya daɗe yana ɗagawa, da ya yanke shawarar sayarwa kuwa ya daina kashe mata ko kwabo. Su ma suna jiran sabon mai ita.

Akwai sauƙin da ya kamata ya tsoratar. Motar da ake sayar da irinta miliyan bakwai, aka ce a kawo huɗu yau-yau saboda mai ita zai yi tafiya, ba sa'a ba ce. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a jihohin Arewa ta hukunta wanda ya karɓi kayan sata yana sane, ko kuma yana da dalilin da zai sa ya yi zaton na sata ne, kuma farashin da ya faɗi warwas yana cikin abubuwan da ake kafa hujja da su a kan mai saye.

Takardun kwastam

A cikin takardun mota babu wadda ta kai ta kwastam nauyi, domin ita kaɗai ce rashinta ke iya sa a rasa motar baki ɗaya ko da an saye ta da gaskiya. Kusan duk motocin da ke yawo a ƙasar nan shigo da su aka yi, kuma kowace ana bin ta kuɗin fito. Shekaru da dama hanyar Kwatano ce ta fi ciyar da kasuwannin Arewa: a sauke mota a Jamhuriyar Benin, a biyo da ita ta kan iyakokin ƙasa, wata a biya mata fito, wata a bi da ita ta daji. Daga ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A 2022 kuma hukumar kwastam ta fara ƙiyasta darajar mota ta hanyar lambar jikinta, wadda ake kira VIN, maimakon dogaro da abin da mai shigowa ya rubuta. Motocin da suka shigo ba bisa ƙa'ida ba ba su ɓace ba, suna nan suna sauya hannu, da yawansu ma sun sami lamba da lasisi. Samun lamba ba ya wanke mota a wurin kwastam. Jami'ansu suna iya tare ta a kan hanyar Kano zuwa Zariya shekaru bayan shigowarta, kuma wanda aka samu da ita shi zai amsa, ba wanda ya shigo da ita ba. A 2024 hukumar ta taɓa buɗe wa'adin kwana 90 don masu irin waɗannan motoci su je su biya abin da ake bin su, abin da ke nuna yawansu.

Takardun kwastam na gaskiya ba falle ɗaya ba ne. Akwai takardar bayanin kaya da ke ɗauke da harufan SGD, wadda ke da lambar rajista mai farawa da harafin C da ranar da aka shigar da ita da sunan tashar da aka biya. Akwai takardar ƙiyasin kuɗi, da shaidar biya ta banki, da takardar sakin mota daga tasha. Masu buga na jabu sun ƙware, don haka kallon ido ba ya isa. Abin da ake yi shi ne a ɗauki wannan lamba mai harafin C da shekara da sunan tashar a kai ofishin kwastam a duba a na'urarsu. Abu biyu ake nema: cewa lambar tana nan, da kuma cewa VIN ɗin da ke ƙarƙashinta shi ne na wannan motar. Sau da yawa takardar ta gaskiya ce, amma ta wata motar ce daban mai kama da ita. Akwai kuma wadda aka biya mata fito amma aka rage shekarunta a takarda don kuɗin ya ragu, ita ma ana bin ta ciko.

A nan dilan da ya shigo da mota da kansa ya fi mai mota, domin takardun asali suna hannunsa, ya san wakilin da ya fitar masa da ita daga tasha, kuma yana da sauran motoci a fili da ba zai so kwastam su zo su rufe ba. Motar da ta bi hannu uku ko huɗu kuwa, sau da yawa abin da ya rage hoton takarda ne da ya dushe, mai ita na yanzu kuma da gaske bai san komai game da shigowarta ba.

Sauran takardun suna da sauƙin bi. Akwai shaidar mallaka, da takardar ba da lamba, da lasisin mota, da shaidar lafiyar mota ta jami'an duba ababen hawa, da inshora. Ana iya tantance lambar mota a shafin hukumar kiyaye haɗurra a ga ko irin motar da aka yi wa rajista da ita ke nan, inshora kuma a shafin askniid.org. Abin da ake bi a hankali shi ne sarƙar sunaye. Idan sunan da ke kan shaidar mallaka ba na mai sayarwa ba ne, dole a ga yarjejeniyar da ta kawo motar hannunsa, hannu bayan hannu, ba tare da giɓi ba. Motar gado sai duk magada sun yarda ko an ga takardar rabon kotu, domin ɗa ɗaya ba ya sayar da abin da ba a raba ba. Motar ma'aikata ko kamfani sai da takardar gwanjo ko ta mallakawa. Wadda aka saya da bashin banki kuma tana iya zama jingina har yanzu, kuma akwai rajistar kayan jingina ta ƙasa a ƙarƙashin Babban Banki inda ake duba irin wannan.

Abin da doka ta ba mai saye

Wani hakki ɗaya bai bambanta tsakanin dila da mai mota ba: duk wanda ya sayar da abu, doka ta ɗauka ya yi alkawarin cewa yana da ikon sayar da shi. Wannan yana cikin dokar cinikin kaya ta 1893 da Najeriya ta gada daga Ingila, da dokokin jihohi da aka gina a kanta. Idan motar ta fito ta sata ce, a mafi yawan lokuta mai ita na asali zai karɓi abarsa, mai saye kuma ya koma ya bi wanda ya sayar masa kuɗinsa. Haka nan idan aka sayar da mota a kan ƙirar 2012 ce ta fito 2009, an saɓa siffar da aka yi ciniki a kanta, ko wane ne mai sayarwar.

Inda hanya ta rabu shi ne batun lafiyar motar. Waccan doka ta ɗora alkawarin cewa kaya suna da ingancin da za a iya sayar da su a kan wanda sana'arsa ce sayar da irin kayan. Malamin makaranta da ya sayar da motarsa ba ya cikin wannan. Muddin bai yi ƙarya ba, abin da mai saye ya gani shi ya saya. Ko a wurin dila ma, idan mai saye ya duba motar, ba zai dawo ya yi ƙorafi a kan aibin da dubawar ta isa ta nuna masa ba. Sai kuma dokar gasa da kare masu sayayya ta 2018, wadda ta fara aiki a 2019 ta kuma kafa hukumar FCCPC. Ita ta wajabta wa ɗan kasuwa ya bayyana cewa kaya tsofaffi ne ko gyararru, ta hana yaudara a talla, ta kuma ba mai saye damar mayar da kaya cikin wata uku idan suka gaza ingancin da ya dace a sa ran samu, a gyara ko a sauya ko a mayar da kuɗi. Rubutun da wasu ke bugawa a ƙasan rasit cewa ba a mayar da kuɗi bayan biya ba ya shafe wannan hakki. Sai dai ingancin da ake sa rai daga motar shekara goma sha biyar ba irin na sabuwa ba ne, kuma dokar 'yan kasuwa ta nufa, ba mutumin da ya sayar da motarsa sau ɗaya ba.

A jihohin da ke da kotunan shari'ar Musulunci akwai wata ƙofa da mutane suka fi sani. A fiƙihun Malikiyya, wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da ke rage masa daraja, wanda yana nan tun kafin ciniki kuma ba a nuna masa ba, yana da zaɓin mayarwa. Wannan ya hau kan kowane mai sayarwa, dila ne ko maƙwabci. Cewar mai sayarwa ya sayar da ita yadda take ba ta kuɓutar da shi daga aibin da ya sani ya ɓoye. Amma akwai sharaɗin da masu saye ke yawan tuntuɓe a kansa: wanda ya gano aibi ya ci gaba da hawa, ana ɗaukar hakan a matsayin ya yarda. Mutumin da giya ta fara fizga a makon farko, ya yi shiru ya je da ita Maiduguri ya dawo, sannan ya zo da ƙara bayan wata biyu, ya raunana hujjarsa da kansa.

Duk waɗannan hakkoki a kan takarda suke har sai an sami wanda za a riƙe. Wannan shi ne ainihin abin da ƙarin kuɗin dila ke saye. Dila mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni yana da adireshin da sammaci zai same shi, yana da shugabannin ƙungiyar masu sayar da motoci da ake kai ƙara wurinsu, kuma yawancin rigingimu a nan suke ƙarewa, da sauya mota ko raba kuɗin gyara, ba a kai ga alƙali ba. Mutumin da aka haɗu da shi a gidan mai bayan an ga tallarsa a waya, in ya kashe layinsa magana ta ƙare. Amma abin yana juyawa: mai motar da aka san gidansa da wurin aikinsa da surukansa ya fi dilan da ke ajiye motoci uku a gefen titi sauƙin riƙewa nesa ba kusa ba.

Ɓoyayyen aibi

A batun aibi ba za a ce ɓangare ɗaya ya fi ɗaya gaskiya ba. Aibin ne ya bambanta. Motar da dila ya shigo da ita daga Amurka ko Kanada, wadda ake kira tokumbo ko 'yar Beljiyam, tarihinta yana can ƙetare. Da yawansu daga gwanjon kamfanonin inshora aka sayo su, irin su Copart da IAA, bayan haɗari ko ambaliya, aka gyara su a nan ko a hanya. Motar mai hawa kuma aibinta na gida ne: inji da ya taɓa yin zafi, gyaran bakanike na gefen hanya, ƙafafun da ramuka suka cinye. Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne dila ya san yadda ake ɓoye aibi, mai mota kuma ya san aibin amma ba kasafai ya iya ɓoye shi ba.

Lambar VIN ita ce mabuɗin tarihin waje. Harufa da lambobi 17 ne, babu I da O da Q a cikinsu, kuma ana samunta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da jikin ginshiƙin ƙofa. Dole ta zama ɗaya a duk wuraren da kuma kan takardu. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, alama ta goma tana nuna shekarar ƙira: 8 ita ce 2008, 9 ita ce 2009, A kuma 2010. Wannan kaɗai ya isa ya tona motar da aka sauya wa fitilu da bamba don ta yi kama da ta baya-bayan nan. Da wannan lamba ake sayen rahoton tarihi irin na Carfax, wanda ke nuna haɗurran da aka rubuta da nisan tafiyar da motar ta yi kafin ta bar can. Idan rahoto ya ce ta bar Amurka da mil 190,000, agogonta kuma yau yana nuna 95,000, an juya shi. Sau da yawa ma rubuta lambar kawai a intanet yana fito da hotunan motar a filin gwanjo, da gabanta a murƙushe.

Motar ambaliya ita ce mafi sharri, domin tana tashi lafiya ranar ciniki, sai bayan watanni wayoyinta su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya. Ana gane ta da tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera, da busasshen laka a ramin safaya, da layin datti a ƙarshen bel idan aka jawo shi duka, da warin danshi da aka danne da turare mai ƙarfi.

Sauran dubawar tana buƙatar bakanike na mai saye, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, kuma da sassafe kafin a tayar da injin. Inji mai sanyi ba ya rufa asiri: ƙarar ƙarfe a daƙiƙun farko, hayaƙi mai shuɗi daga salansa, duk suna ɓacewa in ya ɗumama, shi ya sa motar da aka tarar an riga an tayar da ita take sa a yi tambaya. Idan aka murɗa makulli ba a tayar ba, fitilun gargaɗi duka su kama, har da na inji da na jakar iska, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ta ne ko an toshe. Na'urar binciken OBD2 tana nuna abin da ya fi wannan. Mai wayo yana goge laifuffukan da kwamfutar mota ta ajiye kafin mai saye ya iso, amma gogewar tana mayar da gwaje-gwajen cikin kwamfutar zuwa matsayin ba su kammala ba, kuma sai an yi tafiya mai ɗan nisa suke cika. Motar da ake cewa kullum ana hawanta, aka tarar gwaje-gwajenta ba su kammala ba, kwanan nan aka goge wani abu ko aka cire batir. A leƙa ƙarƙashi kuma a ga ko matatar hayaƙin da makanikai ke kira indomi tana nan, domin ana yanke ta a sayar saboda tsadarta. A ƙarshe a yi tafiyar da ta kai rabin awa, da gudu da cunkoso, na'urar sanyi a kunne, ana kallon allurar zafi da yadda giya ke shiga.

Mai mota yana da wata fa'ida a nan da dila ba shi da ita: ana iya tambayarsa. Wane bakanike ke duba ta, wane baƙin mai ake zuba mata, yaushe aka sauya shokozoba. Ziyarar minti goma ga wannan bakanike takan fi duk wani rahoto.

Misali da lissafi

A ɗauka wani ma'aikaci yana neman Toyota Corolla ƙirar 2010 wadda aka hau a gida, kuma ya sami biyu. Alƙaluman na misali ne, domin farashi yana sauyawa da dala. Ta filin dila an tsaya a naira 7,400,000. Ta hannun mai ita an sallama a 6,500,000. Tazarar 900,000 ce.

A ta mai ita, dillalin da ya haɗa su zai karɓi 150,000. Tayoyinta huɗu, lambobi huɗu na ƙarshe a jikinsu suna nuna 2318, wato mako na 23 na 2018, sun tsufa ko da zanensu bai goge ba, sauyinsu 280,000. Bakanike ya ce shokozoba na gaba sun mutu, 120,000. Tazarar ta koma 350,000. Injin lafiya lau, sunan mai sayarwa ne a kan shaidar mallaka, ma'aikaci ne da aka san ofishinsa. Abin da ya rage takardar kwastam, wadda hoto ce kawai. Idan aka duba ta fito daidai, wannan motar ta fi, domin an san tarihinta kuma an rage kuɗi. Idan ba a same ta a na'ura ba, lissafin ya kife. A tsarin da aka yi aiki da shi a 2022, fiton tsohuwar mota ya kasance kashi 20 cikin ɗari na darajar da aka ƙiyasta, da ƙarin haraji kashi 15, da harajin kaya kashi 7.5 a kan jimillar. In an ƙiyasta ta a miliyan 4, fito 800,000 ne, ƙarin haraji 600,000, harajin kaya 405,000, jimilla 1,805,000, ban da ƙananan kuɗaɗe da tara, kuma wannan in an yarda a karɓi biya ke nan ba a ƙwace ta ba. Ragin 350,000 ba ya ɗaukar wannan.

Ta dila kuma tayoyinta sababbi ne, fentinta yana ƙyalli, takardun kwastam sun fito daidai. Amma na'ura ta nuna an goge laifuffuka, kuma da aka zo rubuta rasit sai dila ya ce motar ajiya ce, yarjejeniya da sunan mai ita za a yi. A wannan hali mai saye yana shirin biyan ƙarin 900,000 ne a kan kariyar da ba zai samu ba. Abin da ya dace ya nema ɗayan biyu ne: ko dila ya rubuta rasit da sunan kamfaninsa a matsayin mai sayarwa, tare da garantin inji da giya na kwana 30 a rubuce, ko kuma a rage farashi ya dawo kusa da na mai mota, a kawo mai ita ya sa hannu da kansa. Garantin baki, irin na “in ta ba ka matsala ka dawo da ita”, ba ya zuwa ko'ina in ba a rubuta abin da ya ƙunsa da ranar ƙarewarsa ba.

Biya da sauya suna

Ko a wurin wa aka saya, yarjejeniyar ciniki ta ƙunshi cikakken suna da adireshin ɓangarorin biyu, hoton katin shaidar mai sayarwa, VIN da lambar inji da lambar mota, abin da agogo ke nunawa, farashi, da shaidu biyu. Duk abin da mai sayarwa ya faɗa da baki wanda ya sa aka saya, kamar cewa ba ta taɓa haɗari ba, ba a taɓa buɗe injinta ba, an biya fitonta cikakke, a sa shi a rubuce, tare da sharaɗin mayar da kuɗi in ya fito ƙarya. Da wannan ne mai saye daga hannun mai mota yake ƙirƙirar wa kansa kariyar da doka ba ta ba shi kai tsaye ba. Mai gaskiya ba ya jin nauyin sa hannu a kan abin da ya faɗa, wanda ya fara kame-kame kuwa ya ba da amsa.

Kafin alƙalami, in za a bayar, ya zama kaɗan kuma a rubuta cewa za a mayar in takardu ba su tantance ba. Cikon kuɗin a tura ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan yarjejeniya, ba na dillali ko na ƙanin mai mota ba. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, iyakar da yawancin motoci suka wuce yanzu.

Daga nan sai sauya sunan mallaka a ofishin lasisin motoci na jiha, inda ake neman yarjejeniyar cinikin da takardun asali, galibi kuma da takardar rantsuwa ta kotu da tantancewar rajistar motoci ta 'yan sanda. Sai a yanki sabuwar inshora da sunan sabon mai ita, wadda mafi ƙanƙantarta ga motar gida ta koma naira 15,000 a shekara tun Janairun 2023. Dila yakan karɓi wannan aiki a kan wani ƙarin kuɗi, kuma ya kamata a duba takardun da ya kawo kamar yadda aka duba na farko. A cinikin mai mota kuwa shi kansa mai sayarwar yana da dalilin matsa wa a gama da wuri, domin muddin sunansa ne a rajista, duk laifin da aka aikata da motar ƙofar gidansa za a fara ƙwanƙwasawa.